Ina son shawara kan labarin kek ɗin ranar haihuwa

Ina rubuta gajeren labarin yarinya 'yar shekara 12 da ta yi wa mahaifiyarta kek na farko a tukunya, da yashi a ƙasa. Na farkon ya lotsa a tsakiya, domin ta buɗe murfi bayan minti 10, zafi ya fita tun ƙullun bai kama jikinsa ba. Na biyun ta bar shi minti 45, tsinke ya fito fes.

Ga inda na maƙale: wa zai nuna mata kuskuren? In maƙwabciya ta faɗa mata, nasarar ba tata ba ce. In ita ta gano, ta yaya, alhali ba ta taɓa gashi ba? Marubuta, ku taimaka don Allah.