Kai matsala gaban manaja ba tare da an ɗora wa abokin aiki laifi ba

Wasu ma'aikata sun tattauna yadda za a kai wa manaja matsalar da ta shafi abokin aiki. Shawarar da suka fi nanatawa ita ce kada mutum ya je wurin manaja sai ya sanar da abokin aikinsa tukuna, domin wanda ya tsinci sunansa a ofishin shugaba ba da saninsa ba zai ɗauka an kai ƙararsa ne.

Misalin da aka tsaya a kansa shi ne na takardun biyan 'yan kwangila da suka kwana 10 a teburin akawu. Maimakon a ce akawu ya riƙe takardu, sai a ce: "Ranka ya daɗe, takardu 6 suna jiran sa hannu tun ranar 3 ga wata, wa'adinsu kuma zai cika ranar Juma'a. Na yi magana da malam akawu, aikin albashi ne ya sha masa kai. Wanne za a fara gabatarwa?" Wannan lafazi ya fi kwanta mini a rai, saboda hukunci ake nema daga manaja a kan aiki, akawu kuma ya fita da mutuncinsa.

An kuma ja kunne a kan kalmomin "kullum" da "da gangan", domin da zarar an furta su, magana ta koma kan halin mutum.