Me za mu kira wannan aikin, ban da “dismantil”?

Kabiru Kafinta, Ƙofar Marusa: Salamu alaikum. Jama'a ku taya ni neman kalma. Shekaranjiya yarona ya haɗa kujerar maɗaci, ya sa sandar gaba a kife, zanen da ya kamata ya dubi ƙasa yana kallon sama. Da farin gam ya haɗa, ta kwana a matse. Jiya na raba sandar da ƙafafun kujerar, na yi amfani da tururi da siririyar wuƙa, ba abin da ya tsage. Da mai kujerar ya tambaye ni me na yi, sai na ji bakina ya ce “dismantil na yi mata”. Kunya ta kama ni, don da guduma ma ana dismantil. Wannan aikin daban ne, kuma ina so in riƙa gaya wa yara sunansa su gane ba duka nake nufi ba.

Abba Lawal: Oga ai kwancewa ce. Ka kwance kujera, shi ke nan.

Malama Hadiza, mai koyar da Hausa: Abba, ana kwance abin da aka ɗaura da niyyar wata rana a sake shi, kamar igiya, ko noti, ko gado mai ƙusar murɗawa. Gam ba don a kwance shi ake sa shi ba. Malam Kabiru, kafin mu yi ta jefo kalmomi, gaya mana yadda aikin yake. A fi'ili irin wannan, abin da hannu ke yi shi ke zaɓen kalma.

Kabiru Kafinta: To Malama. Haɗin irin na namiji da mace ne: bakin sanda an fere shi ya zama harshe, tsawonsa inci ɗaya da rabi, ya shige rami a jikin ƙafa. Farko na bi wurin da mayen ƙarfe, don yaran nan sukan buga ƙusa su shafe kanta da garin katako. In da ƙusa a ciki, ko kwana za ka yi kana turarawa ba za ta fito ba. Babu, alhamdu lillahi.

Matsalar ita ce gam ɗin yana can cikin rami, tururin da ka busa a waje ba ya kai masa. Sai na huda ƙananan kafofi biyu daga ƙarƙashin sandar, inda ido ba ya gani, da bakin diril na milimita 2, a karkace, har suka faɗa cikin ramin ta gefen harshe. Ɗaya ta shiga ce, ɗaya ta fita. Na zuba ruwa rabin butar shayi, na ɗora ta a wuta, na sa tiyo a bakinta, a ƙarshen tiyon na ɗaura allurar da ake hura ƙwallo da ita. Na naɗe kewayen da tsumma saboda banish, don tururi yana sa shi fari-fari. Ina ba shi tururi kamar minti uku, in zare allura, in girgiza sandar a hankali, in sake. Zagaye huɗun farko ko motsi ba ta yi ba. A na biyar na ga wani farin ruwa kamar tsinkakken nono yana tsattsafowa ta ɗaya kafar. Daga nan na sa wuƙar foti, wadda na tsoma a ruwan zafi, a tsakanin kafaɗar sanda da jikin ƙafa, ina zagayawa da ita. Da wuri ya buɗe kamar kaurin kati, na sa ƙananan tsinken katako biyu, sama da ƙasa, ina ɗan taɓa su bi da bi. Ɓangare ɗaya ya ci mani wajen minti 40. Ɗayan bai kai haka ba, na riga na san hannunsa.

Abba Lawal: To ɓamɓarewa ke nan, tunda da wuƙa ne.

Kabiru Kafinta: A'a. Ɓamɓarewa ita ce abin da nake hana yara. Ana ɓamɓare ƙanzo daga tukunya, ba a damu ko ya karye ba. Wuƙar nan ba ta ɗaga komai, kuma ba ta kai wa gefen harshe inda ƙarfin haɗin yake. Gam ɗin kafaɗa kawai take yankewa. In ka danna ta kamar mabuɗin kwalba, ko dai ta lotsa jikin ƙafar, ko ta bar layin gam ta bi jijiyar katako ta nutse. Za ka gane ta hannu: cikin gam mai laushi tafiya take sumul kamar a cikin cingam, in ta shiga katako sai ta cije, ka ji ƙas-ƙas. Da ka ji wannan, zare ta ka koma wa buta.

Hajiya Bilki, Daura: Ni fa tunda da tururi ne, ai turarawa sunansa, kamar dambu a madambaci. Kuma Malam Kabiru ka zo a kan gaɓa. Kan gadon ɗiyata an manna shi a karkace tun ranar jere, kullum na shiga ɗakin sai ya tsone mani ido. In sa a turara shi?

Kabiru Kafinta: Hajiya, ki leƙa bayansa tukun. In kika ga gefen allon kamar an daddanna gari, babu jijiya, to emdiyef ne, irin na yawancin kayan ɗakin yanzu. Kada tururi ya kusance shi. Kumbura yake kamar burodi a shayi, kuma ko ya bushe ba ya komawa. Filawud ma yakan ɗaɗɗaye fallen-fallen. Wannan aikin na katako ne tsantsa. Sannan su masu irin wannan gadon sau da yawa da gam ɗin nan mai warin fetur suke manna fatar sama, shi kuma wata hanya ce daban.

Malama Hadiza: Turarawa tana da gaskiya rabi. Ta faɗi abin da aka yi wa katakon, ba ta faɗi cewa an raba shi ba. Ga kuma rikicin rubutu: in ka rubuta “turaren kujera” kowa zai ɗauka da turaren wuta aka bi ta. Ni surace ya fi kwanta mani. A surace ana lulluɓe mutum, a tara tururi wuri ɗaya, a jira ya ratsa. Ba dafa shi ake son yi ba.

Injiniya Mansur: Ƙarin bayani kaɗan. Zafin ne ke aiki, ba ruwan ba. Farin gam yana fara laushi tun wajen digiri 60 zuwa 70, tururi kuwa 100 ne. Don haka da na'urar busar da gashi ma za a yi, ba sai an jiƙa katako ba. Sunan ya kamata ya zama na zafi, kamar “gashin haɗi”.

Baba Ɗanjuma, Daura: Injiniya, yaro na, ka faɗi rabi. Zafi na sassauta shi, gaskiya ne. Amma katako ba ya kai zafi ciki da wuri, shi ya sa muciya ba ta ƙona hannu. Kafin iskarka ta ɗumama tsakiyar ƙafa mai kaurin inci biyu, ka toya banish ɗin waje. Tururi ta kafa yake shiga ya sauke zafinsa a kan gam ɗin kansa. Kuma mu da muka koyi aiki da gam ɗin fata, wanda ake narkawa a gwangwani cikin ruwan zafi, mun san shi sai da danshi. Busasshen zafi ba ya narkar da shi. Gam ɗin da tururi ba ya sassautawa da sauƙi shi ne mai haɗi biyu da ake cakuɗawa. In shi ne a ciki, a yanke harshen da zarto a dasa sabo, ya fi sauƙi.

Batun kalma kuwa, muna da ita tun kafin a haifi kujera. In ruwan gatari ko na fartanya zai fita daga ƙota, cewa ake an kwaɓe shi. Abu ne ya shige rami ya zauna, aka fitar da shi, ƙota na nan, ruwa na nan, gobe a mayar. Haɗin Kabiru ai shi ne wannan.

Abba Lawal: Baba, in na ce wa mai kaya “kujerarka ta kwaɓe” ai sai ya nemi kuɗinsa.

Baba Ɗanjuma: Ai da ma ta kwaɓe, ɗan nan, shi ya sa ake kwaɓe ta.

Malama Hadiza: Baba ya kawo abin da nake nema. Kwaɓe ta ɗauki siffar haɗin, ta kuma ɗauki cewa duka biyun sun tsira. Inda take da rauni shi ne ana kwaɓe gatari da bugu ɗaya a jikin kututture, ga shi Malam Kabiru bugun yake gudu. Sai a jingina ta da surace: kwaɓen surace. “An yi wa kujerar kwaɓen surace.” Baki bai yi tuntuɓe ba.

Kabiru Kafinta: Ya zauna mani, sai dai abu ɗaya. Akwai haɗin da ba rami, kamar allo biyu da aka manna gefe da gefe don saman tebur. Can wuƙa ce ke yin yawancin aikin, tururi na gaba tana bi. Ba abin da ake zarewa daga komai, to kwaɓe ba ta hau ba.

Injiniya Mansur: A ce masa rabon surace mana, ya haɗe duka biyun.

Hajiya Bilki: Rabon surace kamar wani abu ake rabawa a asibiti.

Baba Ɗanjuma: Ku bar na allo tukun. Kabiru, ka mayar da sandar ne?

Kabiru Kafinta: Ban mayar ba, Baba. Na kankare tsohon gam tun yana da laushi, daga harshe da cikin rami, don sabo ba ya kama tsoho da kyau, katako yake so. Na gwada harshen da yamma ya ƙi shiga.

Baba Ɗanjuma: Kada ka fere shi. Ruwa ya sha ya kumbura. Shi ya sa ma ba a yi masa dogon surace a zama ɗaya: gam na saki, harshe na ƙara cika rami, sai ka ga abin ya ƙara tauri ka ɗauka gam ne. In ka rage shi yau, hunturu na zuwa zai tsotse, kujera ta fara rawa. Ajiye su a inuwa inda iska ke wucewa, ba a rana ba. Yanzu da damina ka ba su kwana huɗu ko biyar, ka riƙa gwadawa ba gam. Ranar da ya shige da tafin hannu, ka sa gam, ka toshe kafofin nan biyu da tsinke. Kuma wannan karon ka sa yaron ya yi wa sandar alama da fensir kafin ya buɗe robar gam.

Kabiru Kafinta: An gama, Baba. Zan fara ce wa yara kwaɓen surace in ga ko zai kama bakinsu. Na allon tebur kuma, Malama, yana wuyanki.

Malama Hadiza: Na ji. Ina tunanin farke, kamar yadda ake farke ɗinki a bi layin zare, amma ana farke ciki ma, ban so wannan ba. Ranar da za ka yi na allon ka kira ni in zo in ga yadda wuƙar ke tafiya.