Wata bakwai, zobe ya ƙi fita

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Cikin fari ne, wata bakwai. Ƙafafuna suna kumbura da yamma, silifas ma da ƙyar yake shiga. Yau kuma na tashi zobena ya ƙi fita. Surukata ta ce ba komai, alamar namiji ne. In bari sai ranar awo?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Ƙanwata kwantar da hankalinki, ni a cikin 'yan biyu takalmin maigida nake sawa. Ki daina cin gishiri kwata-kwata, ki rage shan ruwa.

Anti Ungozoma: Maman 'Yan Biyu, ban da rage ruwa, don Allah. Gishiri ma daidai misali ake so, magi da kanwa ne za ta sassauta.

Ƙanwata, kumburin da ba ya tayar mana da hankali shi ne na ƙafa biyu, mai taruwa a hankali zuwa yamma, da safe kuma ki ga ya saɓe. Mahaifa ce ke danne babbar jijiyar da ke mayar da jini daga ƙafafu. Shi ya sa muke cewa a kwanta ta gefen hagu, a ɗora ƙafa kan matashi, a rage doguwar tsayuwa a bakin murhu, a riƙa ɗan tattaki.

Naki zoben ne ya tsaya mini a rai, tunda da safe ne, kuma cikin fari. Bayan mako 20, kumburin hannu ko fuska da ya zo farat ɗaya yana iya zama hawan jinin ciki, wanda in an bar shi yake kaiwa ga jijjiga. Ido ba ya rabe shi da kumburin da aka saba. Yau ki je a auna jininki, a gwada fitsari ko akwai furotin. Daga 140/90 akwai magana. In ya kai 160/110, gado za a ba ki.

In kuma akwai ciwon kai da ya ƙi jin farasitamol, ko ganin dishi-dishi da walƙiya, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko motsin yaro ya ragu, ko da tsakar dare ne ku tafi.

Amarya: Ni fa ta hagu ce kaɗai, ga zafi a sha-raɓa. Man zafi nake murza mata.

Anti Ungozoma: Amarya, daina murzawa! Ƙafa ɗaya mai zafi tana iya zama gudan jini a jijiya, murza kan iya tura shi huhu. Asibiti yanzu.

Hajiya Babba: Mu dai a zamaninmu saiwa muke jiƙawa, mu yi ta fitsari, lafiya lau muka haife ku.

Anti Ungozoma: Allah ya ƙara girma Hajiya, amma fitsari ba ya sauke wannan hawan jinin. Ƙwayar sa fitsari ta kemis ma kada ta sha.

Mai tambaya: Kaina ba ya ciwo, amma na kira maigida, yana hanya. Zoben fa, Anti?

Anti Ungozoma: Ɗaga hannun sama, ki tsoma shi a ruwan sanyi, ki sa sabulu. In ya ƙi, su cire miki a can.