Jimlar da ke haɗa shafi da shafi a jawabi

Waɗanda suka tattauna batun gabatar da jawabi da shafukan da ake haskawa a allo sun fi tsayawa a kan matsala guda, wato jawabin da aka harhaɗo shafukansa daga wurare daban-daban, har mai magana ya rasa abin faɗa sai “shafi na gaba kuma”. Shawarar mafi yawansu ita ce a rubuta jimla ɗaya tsakanin kowane shafi biyu, wadda farkonta zai ɗauko abin da aka kammala, ƙarshenta kuma ya buɗe tambayar da shafi mai zuwa zai amsa.

Wata malama ta kawo misalin shafin raguwar ciniki da shafin horar da ma'aikata ke biye da shi. Ta ce a faɗa: “Mun ga ciniki ya ragu a rassa uku, to me ya bambanta ma'aikatansu da na sauran?” A furta wannan kafin a sauya shafin, domin da zarar sabon hoto ya bayyana, ido ya tafi can, kunne kuma ya bar mai magana.

An kuma yi gargaɗi, kuma a ganina da gaskiyarsu, cewa idan jimlar ta ƙi fitowa sai da “wani abu kuma”, laifin na jerin shafukan ne, don haka a matsar da shafin ko a cire shi.