Wa ya taɓa zana allon wasan cike gurbi da kalmomin Hausa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Ina so in zana ƙaramin allon cike gurbi, gida 5 kwance 5 tsaye, irin wanda kalmomi ke ratsa juna. Na ji an ce baƙaƙen gidaje sai sun yi daidaito. To saman allon yana cika lafiya, amma da na iso layin ƙasa sai komai ya cije. Waɗanda suka taɓa yi, yaya kuka ƙare da shi?

Ɗan Autan Gida: Wa alaikumus salam. Ai abu ne mai sauƙi Hajiya. Ni nakan jera kalmomina, wasu a karkace, wasu ta baya, sauran gidajen in cika su da kowane harafi. Ban taɓa sa baƙin gida ba.

Maman Ilham: Auta, wancan wasan nemo kalma ne. Nawa allon fari ake ba mutum da tambayoyi, shi zai rubuta amsa.

Uwar Biyu: Daidaiton dai ni ga yadda nake yi. In naɗe takarda biyu, duk gidan da na baƙanta a dama sai in baƙanta wanda ya kwanta a kansa a hagu.

Malam Mai Alli: Uwar Biyu, naki ma daidaito ne, kuma akan ga irinsa jefi-jefi, amma wanda aka saba da shi na juyi ne. Ki juya takardar a kan tebur, sama ta koma ƙasa, dama ta koma hagu. In baƙaƙen gidajen suna nan inda suke, allon ya yi. Lissafinsa kuwa, a allo mai gida 5 ki cire lambar layi daga 6, ki cire lambar gida daga 6. Gida na 2 a layi na 1, abokinsa gida na 4 ne a layi na 5. Na tsakiya kaɗai ne ba shi da aboki, shi ya sa in baƙaƙenki suka tashi mara, dole na tsakiyar baƙi ne. In ba baƙi ba ne, akwai wanda kika manta.

Sai dai Maman Ilham, ina zaton ba daidaito ne ya hana ki ƙarasawa ba. Wace ƙa'ida kike bi wajen haɗuwar kalmomi?

Maman Ilham: Wadda na gani Malam: kowane harafi ya kasance cikin kalma biyu, ta kwance da ta tsaye, kuma ba kalma ƙasa da harafi uku.

Malam Mai Alli: To nan gizo ke saƙar. Wannan salon jaridun Amurka ne, irin na New York Times, wadda ta fara buga wasan a 1942 ƙarƙashin Margaret Farrar. Ya dace da harshen da kalmominsa ke ƙarewa da baƙi birjik. Duba layin ƙasa na allonki: kowane harafi a cikinsa shi ne harafin ƙarshe na wata kalmar tsaye. Kalmomin Hausa kuwa kusan duk da wasali suke ƙarewa. In kika sa AMANA a ƙasa, kina bukatar kalmar tsaye mai ƙarewa da M da wata mai ƙarewa da N. MALAM ko MUTUM za su rufe miki guda. Haka kuma za ki sake fama a gefen dama, domin can ne kalmomin kwance ke ƙarewa. Na jima ina gwada wannan salon, kuma ƙarshenta kullum kalmomi ƙalilan nake ta juyawa: biyar, takwas, kullum, malam.

Abin da na koma yi shi ne salon Birtaniya, inda ake barin wajen rabin haruffa ba abokin ratsawa. Baƙaƙe huɗu, a gida na 2 da na 4 na layi na 2, haka ma a layi na 4:

```
S A R K I
A # A # Y
N I N K A
D # D # K
A M A N A
```

Kwance akwai SARKI, NINKA, AMANA. Tsaye akwai SANDA, RANDA, IYAKA. Ki juya shi, baƙaƙen ba su motsa ba. Ba daga sama na fara ba. Na san layin ƙasa zai haɗu da tsaye a harafi na 1, na 3 da na 5, to na nemo kalma mai wasali a waɗannan wurare. Gefen dama ma haka, na sa IYAKA. Da waɗannan biyun suka zauna, sai na nemi kalmar sama mai ƙarewa da I, sauran suka biyo.

Gwanin Dara: Malam, allon ya cika, amma a matsayina na mai warwarewa ina da ƙorafi. A ce na samu duk tsayen guda uku. Me suka ba ni a ƙasa? A, gurbi, A, gurbi, A. Wannan zai iya zama AMANA, ARAHA, ASARA, ALAMA ko AKALA. Haɗuwar ba ta taimake ni da komai ba, tunda duk baƙaƙen kalmar su ne a ɓoye. Kuma SANDA da RANDA harafi ɗaya ya raba su.

Malam Mai Alli: Gaskiyarka. A irin wannan wuri tambayar ce za ta ɗau nauyi, dole ta zama mai amsa guda ba tantama. Saman ya fi kyau, S da R da I sun kusa faɗa maka SARKI. Sanda da randa kuwa, na karɓi gyara.

Uwar Biyu: Ni fa salon farkon nake yi, kuma ina cikawa. In layin ƙasa ya cije sai in ƙara N ko R, gida ya zama GIDAN, mota ta zama MOTAR.

Gwanin Dara: Wannan ai ha'inci ne Yaya. Wace tambaya za ki rubuta amsarta ta zama GIDAN?

Uwar Biyu: Sai in rubuta gurbi sannan "sauro". Wa zai kasa?

Gwanin Dara: Sau ɗaya a allo na yarda. In ya zama duk gefen dama N da R ne, daga kalma ta biyu na gane dabararki.

Baban Khalifa: Nawa 7 da 7 na yi wa ɗalibaina, da ƙa'idar harafi uku. Abin da na lura, a layi mai gida 7 baƙi guda ɗaya wuri uku kawai yake iya zama: farko, ƙarshe, ko na 4. In ya zauna a na 3, ya bar gida biyu a gabansa, sai ka ƙare da DA ko BA. Sannan a kula da jera baƙaƙe a layin tsakiya. Daidaiton yakan ninka maka su, kafin ka ankara sun tsaga allon gida biyu, sama ba ta taɓa ƙasa. Ni da yatsa nake gwadawa, in bi fararen gidaje daga kusurwa zuwa kusurwa ba tare da na ɗaga ba.

Wani abin da ya jawo gardama a aji shi ne ƙugiya. ƘAFA kwance, KIFI tsaye, suna raba harafin farko. Rabin yaran suka ce ba laifi, rabi suka ce K daban Ƙ daban, kuma masu cewa daban su ne da gaskiya. Yanzu Ƙ sai da Ƙ, Ɗ sai da Ɗ.

Maman Ilham: To SH da TS fa? Gida ɗaya ko biyu?

Baban Khalifa: Ni biyu nake ba su, don S ɗin TSAYI ya iya haɗuwa da kowace S.

Malam Mai Alli: Ni kuma na taɓa gwada gida ɗaya, tunda sauti guda ne, sai dai SH sai ta samu wata SH a tsaye, zaɓi ya ragu sosai. Duk wanda kika ɗauka ki rubuta shi a saman tambayoyin.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Zan ɗauki baƙaƙe huɗun nan in fara daga ƙasa. Na sa AZUMI a layi na 5, ga AKUYA ina so a dama, amma ƙarshensu bai haɗu ba. Wa ke da kalma mai harafi biyar, wasali a farko da tsakiya, mai ƙarewa da I, ban da IYALI?