Yadda ake tsara buƙata don a amsa ta da "eh" ko "a'a"

Ma'aikaciyar ofis: Assalamu alaikum. Ina so in ji daga waɗanda aikinsu ya shafi neman amincewar na gaba da su a rubuce. Shugaban sashenmu yana karanta saƙonni ne a waya, tsakanin wannan taro da wancan, kuma na lura cewa wasu saƙonnin nan take yake amsa su, wasu kuwa sai su kwana su wuni, daga bisani ya ce a same shi a ofis. Yanzu haka ina da rahoton da ya kamata in miƙa ranar Alhamis, amma rassa 2 cikin 5 ba su aiko da alƙalumansu ba. Ga abin da na shirya aikawa: "Ranka ya daɗe, rassa biyu ba su turo bayanansu ba, kuma lokaci ya ƙure. Ban sani ba ko a jira su, ko a miƙa haka, ko kuma a ƙaro mini wanda zai taya ni. Me kake gani?" Kafin in aika, ina neman gyara.

Tsohon magatakarda: Wa'alaikumus salam, Malama. Na daɗe a kujerar da irin waɗannan takardu ke taruwa, saboda haka zan yi magana daga ɓangaren mai karantawa. Saƙon naki ya ƙunshi hanyoyi uku, kuma babu wadda aka ce ita ake so, ke nan kin mayar masa da aikin tunanin da ke kika fi shi kayan yin sa. Kafin ya amsa sai ya tambayi waɗanne rassa ne, yaushe za su aiko, kuma me za a rasa idan aka jinkirta. Mutumin da ke tsaye a bakin ɗakin taro ba zai rubuta waɗannan tambayoyi ba. Zai ajiye saƙon da niyyar komawa kansa, daga nan kuma sai abin da hali ya yi.

Abin da ya fi shi ne ki zaɓi hanya ɗaya da kanki, ki sa ta a jimlar farko bayan gaisuwa. Misali: "Ranka ya daɗe, ina neman izinin ɗage miƙa rahoton watan nan daga Alhamis zuwa Litinin mai zuwa. Rassa 2 cikin 5 ba su aiko da alƙalumansu ba, amma duka biyun sun tabbatar mini za su aiko ranar Juma'a. Kwamitin da zai duba rahoton sai Laraba zai zauna, don haka ɗagewar ba za ta taɓa zamansa ba. Idan ba ka amince ba, zan miƙa ranar Alhamis da alƙaluman rassa 3, tare da bayanin abin da ya rage. Ka amince a ɗage zuwa Litinin?" Tabbas sai kin kira rassan biyu kin kuma duba ranar zaman kwamiti kafin ki iya rubuta haka, kuma a nan ne ainihin aikin yake.

Jimla ta huɗu ita ce wadda aka fi mantawa. Shugaba yakan yi nauyin bakin cewa "a'a" idan bai san abin da zai biyo baya ba, domin yana tsoron kada ya bar aikin a rataye. Da zarar kin faɗa masa matakin da za ki ɗauka idan ya ƙi, "a'a" ta zama cikakkiyar amsa kamar yadda "eh" take. Batun ƙaro mataimaki kuwa, ki ware masa saƙonsa daban, domin mai yiwuwa ya yarda da ɗagewa ya ƙi ba da mutum, kuma kalma ɗaya ba za ta ɗauki amsoshi biyu ba.

Jami'in lissafi: Ni a ganina duk maganin yana wajen taƙaitawa. Shugabanni ba sa son dogon rubutu. Ban taɓa wuce layi biyu ba, kuma ana amsa mini.

Tsohon magatakarda: Malam, gajarta tana da amfani, amma ba ita ce maganar ba. "Me za a yi game da rahoton nan?" layi ɗaya ne, kuma babu mai iya amsa shi da "eh". Wanda na rubuta wa Malama ya fi nata tsawo.

Malamar makaranta: Abin da ya same mu ya ɗan sha bamban, amma ina ganin ya shafi batun. An taɓa raba wa iyayen yara takarda mai tambayar: "Ba ku da matsala idan aka ƙara awa ɗaya ta darasi bayan tashi?" Da takardun suka dawo, wasu sun rubuta "eh", wasu "a'a", muka rasa gane wanda ya yarda. Mai "a'a" zai iya nufin ba shi da matsala, ko kuma ba ya son ƙarin. Mai "eh" ma haka. Sai da aka sake buga takardar da cewa: "Kun amince a ƙara awa ɗaya?" Tun daga lokacin, duk tambayar da na ga "ba" a cikinta nakan juya ta. Gwajin da nake yi shi ne in rufe komai in bar jimlar ƙarshe, in amsa ta da "eh", sannan in duba ko na san ainihin abin da zan yi gobe da safe.

Sakataren ƙungiya: Hajiya ta yi gaskiya. Irin wannan tarko yana nan a tambaya mai zaɓi biyu: ka rubuta "A yi zaman Asabar ko Lahadi?" sai amsa ta dawo "To, babu laifi." Ni dai hanyar da na ɗauka ita ce in rufe saƙo da cewa idan ban ji amsa ba zuwa ƙarfe 12 na ranar Laraba, zan ɗauka an amince. Da wannan ko "eh" ɗin ma ba sai an rubuta ba.

Tsohon magatakarda: Sa wa'adi daidai ne, kuma ya kamata Malama ta ƙara shi a nata, tunda idan amsa ba ta zo kafin Laraba ba, ba za ta samu lokacin shirya rahoton rassa 3 ba. Amma ɗaukar shiru a matsayin yarda yana aiki ne kawai a kan abin da dama yake cikin ikonka, kuma ana iya warware shi idan an yi kuskure. A kan kashe kuɗi ko sa hannu a madadin wani, shiru ba izini ba ne, domin mai yiwuwa mutumin bai ma buɗe saƙon ba, kuma ranar da aka zo bincike babu abin da za ka nuna.

Sakataren ƙungiya: Ban ƙi ta taka ba, Alhaji, sai dai a ƙungiyar da kowa aikin sa kai yake yi, idan aka ce sai an jira amsar kowa, babu zaman da za a taɓa yi.

Ma'aikaciyar ofis: Na gode ƙwarai. Zan yi amfani da tsarin Alhaji, in kuma sa wa'adin amsa. Abu ɗaya ne ya rage mini: shugaban namu dattijo ne mai son a nemi shawararsa, kuma ina fargabar kada ya ga kamar na riga na yanke hukunci, sa hannu kawai nake nema daga gare shi.

Malamar makaranta: Wannan fargaba tana da tushe, domin na yi aiki da irinsa. Ni nakan ƙara "sai dai idan kana da wata shawarar da ta fi" kafin tambayar ƙarshe. Wani lokaci ya amsa da "eh", wani lokaci kuma wannan ƙofar da na buɗe ita ce ke sa ya ce in zo ofis.