Wayata ta cika, alhali hotunan ciki ba su kai 200 ba

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wayata Android ce mai 32GB, hotuna ba su kai 200 ba, manhajoji goma sha ɗaya kacal, amma kullum sai ta ce wuri ya ƙare. Na duba, System ya ci 11GB, Other ya ci 9GB. Me ke ciki, kuma ana gogewa?

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam. Anti, ki sa mata memori kawai ki huta.

Mai Gyaran Waya: Memori zai ɗauki hotuna da bidiyo, amma ba zai rage waɗannan biyun ba. Hajiya, System kam ki bar shi. Android ɗin kansa ne da manhajojin da kamfani ya dasa, kuma sabuntawa takan ƙara masa nauyi. Tun ranar da aka ciro wayar daga kwali wurinki bai wuce 20GB da 'yan kai ba.

Other ne abin bincike, kuma ina zargin WhatsApp. Idan kika tura bidiyo, yana ajiye nasa kwafin a cikin Sent. A can akwai wani ɗan fayil mai suna .nomedia da ke hana Gallery nuna abin da ke wurin, shi ya sa kike ƙirga 200 alhali akwai wasu a ɓoye. Buɗe manhajar fayiloli ki bi nan:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media
```

Ki leƙa WhatsApp Video, sannan Sent. Idan hanyar ta yi miki nisa, shiga WhatsApp, Settings, Storage and data, Manage storage. Zai jero miki duk abin da ya haura 5 MB.

Baban Yara: Ni Clear cache nake yi, magana ta ƙare.

Mai Gyaran Waya: Yana taimakawa, Alhaji, amma kwana biyu zai sake taruwa, kuma ba ya taɓa bidiyon da ke Sent.

Yaya Babba: Don Allah ki kula da abin da yatsanki zai taɓa. Clear data na danna a maimakon Clear cache, suna maƙwabtaka da juna, sai ga WhatsApp yana tambayata lambar waya kamar bai taɓa sanina ba. Da ƙyar na dawo da hirarrakina, na ranar kuwa sun tafi.

Uwar Biyu: Ikon Allah! Sent kaɗai 4GB na tarar. Na goge wasu bidiyoyin Gallery ma, amma su ba su rage komai ba.

Mai Gyaran Waya: Suna kwandon shara. Yawancin wayoyi suna riƙe su kwana 30, kuma suna cin wuri har sai kin shiga Trash kin zubar.

Uwar Biyu: Na zubar, na gode ƙwarai. Amma Other har yanzu yana nuna 5GB.

Baban Yara: Nawa ma haka yake, na bi ko'ina ban ga komai ba.

Mai Gyaran Waya: Kina da Telegram? In akwai, turo hoton shafin Storage Usage ɗinsa mu gani.